Na tura wa kwastomomina imel na jin yadda kaya suka yi, ba wanda ya tanka

Nura Sola: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema. Ina da shago a Ƙofar Ƙaura, ina sayar da fanka mai caji da fitilu da ƙananan farantan sola. Yawancin masu zuwa shago ba ruwansu da imel, amma akwai makarantu da ma'aikatan ofis da 'yan ƙungiyoyi da ke cewa in tura masu rasit ta nan, ta haka na tara adireshi wajen sittin. Da zafin bana ya shigo na sayar da fankoki da dama, sai na ce bari in ji yadda suka yi masu. Ƙanena ya haɗa mani hoto mai kyau da sunan shago, muka sa take "MUNA GODIYA!!! Faɗi ra'ayinka ka samu ragi", muka sa linki na Google Forms mai tambaya 12, muka tura ma kowa lokaci guda. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Jiya wani malamin makaranta ya shigo shago, na tambaye shi, ya duba wayarshi a gabana, sai a cikin `Spam` muka tarar da shi. Wanda ya san yadda ake yin wannan abu ya taimaka.

Alhaji Lawal Daura: Wa alaikumus salam. Nura, mai bashi ba a tura mishi wasiƙa. Tashi za ka yi ka taka ƙafa zuwa ofishinsu, ka zauna har a sallame ka. Ni shekarun da na yi a harkar siminti ban taɓa ganin takarda ta karɓo kuɗi ba.

Nura Sola: Ranka ya daɗe, ba bashi ba ne, duk sun biya. So nike kawai in ji ko kayan sun yi masu yadda suke so.

Alhaji Lawal Daura: To in sun biya kuma ba su dawo ba, ai sun gamsu. Me kake tono?

Maman Ilham: Baba Alhaji, ba kullum ba ne. Ni na taɓa sayen na'urar markaɗe wurin wani, kwana kaɗan ta fara ƙaurin waya. Ban koma ba, ban kuma kira shi ba, don muna da dangantaka ta aure kuma ina jin nauyi. Amma duk matar da ta tambaye ni inda za ta saya, wani wuri nike nuna mata. Shi har yau bai san abin da ya faru ba.

Hajiya Binta: Nura ɗana, wa ke buɗe imel a Katsina? Ka bi su ta WhatsApp, ka yi masu murya ta minti ɗaya, kafin la'asar za ka ji amsa. Ni haka nike yi da masu sayen atamfa da turarena.

Malam Aminu: Hajiya tana da gaskiya a kan mutanenta. Amma na Nura su suka zaɓi imel da kansu, kuma ma'ajin makaranta ko mai sayen kaya na ƙungiya ya fi son komai ya zauna wuri guda da rasit, don ranar da za a tambaye shi. Don haka a bar su a inda suka zaɓa.

Nura, kafin a je ga na'ura, mu fara da abin da mutum ya gani. Ka sa kanka a matsayin malamin nan. Take da manyan baƙaƙe da alamar mamaki uku, ya buɗe ba sunanshi, ba sunan abin da ya saya, sai hoto da linki da alkawarin ragi. Irin wannan siffar ita ce ta saƙon 'yan damfara da na masu caca da ke shigo mashi kullum. Ko da ya faɗo cikin babban akwati, share shi zai yi. Ita ma manhajar Gmail abin da take lura da shi ke nan: saƙo iri ɗaya ya fita ga mutum sittin a minti guda, daga adireshin da bai saba yin haka ba, kusan duk hoto ne ba rubutu. Linkin naku, cikakke kuka sa ko gajartacce?

Nura Sola: Ƙanena ya gajarta shi da bit.ly don ya yi kyau.

Malam Aminu: To wannan ma ya ƙara. Gajartaccen linki yana ɓoye inda zai kai mutum, shi ya sa masu damfara ke son shi, shi ya sa kuma matattarar saƙo ke zarginshi. Wata tambaya, adireshin mutanen a ina kuka jera su, a `To` ko a `Bcc`?

Nura Sola: A `Bcc`, Malam.

Malam Aminu: Madalla, nan kun tsira. Da a `To` ne, da kowa ya ga adireshin sauran mutum hamsin da tara, wannan kuwa ya wuce rashin kyau, ya shiga tona bayanan mutane.

Sadiq: Yaya Nura, matsalarka ta fasaha ce kawai. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka kafa doka, dole ka saita SPF da DKIM da DMARC, wato shaidun da ke tabbatar da cewa saƙo daga mai adireshin ya fito, in ba haka ba duk saƙonka `Spam` zai riƙa tafiya. Ka sayi domen, wato sunan shagonka a intanet, ka buɗe Mailchimp, manhajar tura saƙon taro, ka zuba adireshin duka. Zai ma riƙa nuna maka wa ya buɗe, wa bai buɗe ba. In kana so in saita maka.

Malam Aminu: Sadiq, dokar gaskiya ce, amma ka duba wa aka yi wa ita. Tsauraran sharuɗɗan, wato DMARC da maɓallin daina karɓar saƙo da dannawa ɗaya, na masu tura saƙo wajen 5,000 ne a rana zuwa adireshin Gmail. Nura sittin gare shi gaba ɗaya, kuma daga adireshin Gmail yake turawa, Google da kanta take sa hannu a saƙonshi. In yana son ya tabbatar, ya tura wa matarshi ko ƙanenshi saƙo, su buɗe a kwamfuta, su danna ɗigo ukun nan na gefe, su zaɓi `Show original`. Zai ga SPF da DKIM da DMARC kowanne da `PASS` a gabanshi. Saƙon da ya ci wannan jarrabawa tsaf zai iya faɗawa `Spam` in siffarshi ta talla ce, kuma abin da ya faru ke nan.

Akwai ma tarko a shawararka. In ya buɗe manhajar tura saƙon taro bai sayi domen ba, ya sa adireshinshi na Gmail a matsayin mai aikowa, saƙon zai fito daga wani gida yana ɗauke da sunan Gmail, sa hannun ba zai dace da sunan ba. Sai ya koma baya, ba gaba ba.

Sadiq: Na yarda da wannan. Amma ai ganin wa ya buɗe yana da amfani, Malam.

Malam Aminu: Da can yana da ɗan amfani. Yadda ake gane an buɗe shi ne ana ɓoye wani ɗan mitsitsin hoto a cikin saƙon, in waya ta sauko da shi sai a ƙirga. Tun 2021 Apple ta sa manhajar imel ta iPhone tana iya sauko da hotunan da kanta ko mai wayar bai duba ba, don haka lissafin ya kumbura. Sannan ko da an buɗe da gaske, me ya ƙaru da shi? Nura ba buɗewa yake nema ba. So yake ya san ko batirin fankar yana riƙe wuta. Ma'auninshi ɗaya ne, mutum nawa suka amsa kuma me suka ce.

Nura, ba ni mutum ɗaya daga cikin sittin ɗin, kar ka faɗi suna. Me ya saya, yaushe ya biya, yaushe kayan suka isa hannunshi?

Nura Sola: Akwai wata shugabar makarantar Islamiyya a Daura. Fanka uku masu caji, inci 16, na ofishinta da na malamai. Ta turo kuɗi Litinin, na sa a mota Laraba, direba ya miƙa mata Alhamis.

Malam Aminu: To da ita za mu yi aiki. Abu na farko lokaci. Ƙirga daga Alhamis ake farawa, ba daga Litinin ba. Wannan kuskuren ya fi yawa ga masu shagon intanet da suka saita saƙo ya fita da kanshi kwana uku bayan biya: kaya suna tasha ba su taso ba, sai ga saƙo wai "muna fatan kina jin daɗin kayanki". Babu abin da ya fi wannan nuna wa mutum cewa ba a san da shi ba. Saboda haka sai ka tabbatar sun isa tukuna.

Daga nan ka tambayi kanka, yaushe ne aibin wannan kaya yake fitowa in yana da shi? Fanka mai caji ranar farko kowacce lafiya lau take juyawa. Sai an yi mata caji sau uku ko huɗu, an ɗauke wuta ta yi dogon aiki, sannan ake sanin batirinta. Ka ƙara da cewa makarantar Islamiyya ce, mai yiwuwa Alhamis da Juma'a ba karatu. Ni da zan zaɓa, Larabar mako mai zuwa da safe, kwana shida ke nan. Ka rubuta lokacin da ka samu sarari, ka danna kibiyar da ke gefen `Send` ka zaɓi `Schedule send`, ya fita ƙarfe tara lokacin tana ofis, ba sha ɗayan dare da ka rufe shago ba.

Hajiya Binta: Wannan magana ta lokaci haka take wallahi. Atamfa in ka tambaya washegari za a ce maka ta yi kyau, don tana cikin leda. Sai an kai ɗinki, an sa, an wanke, sannan ake sanin ko tana zuba. Ni sai na ba da wata guda. Amma turaren wuta kwana biyu ya isa, a daren farko ake sanin ƙamshinshi.

Malam Aminu: Kin gama magana, Hajiya, ba wani adadi ɗaya da ya dace da kowane kaya. Sai abu na biyu, tambayar kanta, kuma nan ne nike son a tsaya. Nura, tambayar farko a fom ɗinka me ta ce?

Nura Sola: "Shin ka gamsu da kayanmu?" sai zaɓi daga ɗaya zuwa biyar.

Malam Aminu: Ka tambayi Bakatsine ko ya gamsu, me zai ce maka? Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara kasuwa. Ko fankar ta mutu ranar suna, kara ba za ta bar shi ya rubuta maka "ban gamsu ba" da sunanshi a sama ba. Labarin Maman Ilham ke nan. Dole ka yi tambayar da amsarta ba zargi ba ce, bayani ne. "Awa nawa take yi bayan ta cika?" Wanda zai ji nauyin cewa kayanka ba su da kyau ba zai ji nauyin cewa "awa biyu" ba, kai kuma ka riga ka san awa biyu matsala ce. Kuma ka faɗa mata tun a saƙon abin da za ka yi in an samu matsala, don ta san amsar tata tana da amfani gare ta, ba kai kaɗai ba. Garantin wata nawa kake bayarwa, kuma lafiyayyar fanka awa nawa take yi?

Nura Sola: Wata shida a kan batir. Irin nata in ta cika tana wuce awa biyar a matsakaicin gudu.

Malam Aminu: To ga yadda zan rubuta. Ka buɗe tsohon saƙon da ka tura mata rasit, ka danna `Reply`, don ya zauna ƙarƙashin maganar da ta riga ta sani. In sabo za ka buɗe, take ya zama "Fankoki ukun da suka iso ranar Alhamis".

> Assalamu alaikum Malama, barka da aiki.
>
> Nura ne mai kayan sola na Ƙofar Ƙaura, wanda ya sa maki fankoki uku a motar Daura. Yau kwana shida ke nan da isowarsu. In sun cika da caji aka ɗauke wuta, kamar awa nawa suke yi kafin su tsaya? Na tambaya ne saboda in akwai wadda ba ta kai awa biyar ba a matsakaicin gudu, batirinta ne, kuma canza shi a kaina yake har wata shida.
>
> Ki amsa a nan kawai ko da layi ɗaya ne, ni da kaina zan karanta. In kira ya fi maki sauƙi, lambata na ƙasa.
>
> Na gode, Allah ya taimaka.

Ba hoto, ba linki, ba fom, ba ragi. Duk ya shige fuskar waya ba sai ta ja ƙasa ba.

Maman Ilham: Irin wannan ko ni zan amsa. Abin da ya burge ni shi ne "ni da kaina zan karanta". Akwai wani shagon intanet da na saya wa yara takalma, suka turo wai in faɗi ra'ayina. Na zauna na rubuta masu cewa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma, ina turawa saƙon ya dawo mani, ashe adireshin irin mai farawa da `noreply` ne. Tun ranar duk abin da suka turo `Report spam` nike danna mashi.

Malam Aminu: Wannan dannawar da kika yi ita ce abin da mai turawa ya fi tsoro. Google ta ce a riƙe ƙorafin ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari, kada kuma ya taɓa kai 0.3, wato mutum uku cikin dubu. Wannan ma'auni ya nuna maku yadda dannawa ɗaya take da nauyi. Akasin haka kuma, in mutum ya amsa maka, ya zama alamar ana son saƙonka. Wani dalilin ke nan da ya sa na fi son a amsa a cikin imel ɗin maimakon a tura mutum wani shafi.

Sadiq: Amma Malam, ba fom ta yaya zai tara bayanan ya yi lissafi? Kuma mutum sittin ɗaya bayan ɗaya ai wahala ce.

Malam Aminu: Sittin ɗin ba rana ɗaya suka saya ba. Nura, a mako mutum nawa ke neman rasit ta imel?

Nura Sola: Lokacin zafi biyar zuwa takwas. Da damina ko uku ba sa kaiwa.

Malam Aminu: Ka ji. Saƙo takwas a mako, kowanne minti uku, bai kai rabin awa ba. In yana amfani da kwamfuta ya kunna `Templates` a saitin Gmail ya ajiye gangar jikin saƙon, suna da kaya da rana kawai zai riƙa canzawa, sai dai ya riƙa karantawa kafin ya tura, kar a kira Malama da Alhaji. Lissafi kuwa littafin shago ya isa: suna, kaya, ranar isa, ranar tambaya, amsa, abin da aka yi. In ya ga mutum uku da suka sayi fanka daga kwali ɗaya duk sun ce awa biyu, ya san ba rashin iya caji ba ne, kayan da ya saro ne, ya koma wa dilanshi tun sauran suna shago. Ranar da ya kai saƙo hamsin a rana sai mu zo maganar domen, Sadiq, lokacin zan ce ya neme ka.

Hajiya Binta: Ni dai abu ɗaya ne ban yarda da shi ba. Tunda mutum ya buɗe saƙo, me zai hana a ƙasa ka ɗan sa "muna da sabbin fitilu, akwai ragi ga tsofaffin kwastomomi"? Ɗan kasuwa ba ya barin dama. Layi ɗaya ne fa.

Malam Aminu: Layin nan ɗaya shi ke canza ma'anar duk abin da ke samanshi, Hajiya. Da ta gan shi za ta ce ashe tambayar share fage ce. In kuma fankarta ɗaya ba ta aiki, ki duba yadda tallar fitila za ta zauna mata. Bayan haka Gmail tana da akwatin `Promotions`, kalmomin ragi da farashi suna ƙara yiwuwar saƙon ya koma can, inda mutane ba su cika leƙawa ba.

Akwai kuma ɓangaren doka. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta tsaya a kan cewa a yi amfani da bayanin mutum don dalilin da aka karɓe shi, ta kuma ba shi haƙƙin ya ce a daina turo mashi talla. Malama ta ba da adireshinta don rasit. Tambaya a kan kayan da ta saya da garantinsu tana cikin cinikin, talla kuwa wani abu ne daban da ya kamata a nemi yardarta. Hanya mai sauƙi, bayan an gama maganar fanka lafiya, ya tambaye ta ko tana son ya riƙa sanar da ita in sabon kaya ya zo. In ta ce eh, ya rubuta a littafi. In ta yi shiru, a'a ke nan.

Hajiya Binta: To Malam, kai ka san doka. Amma ni ina yin hakan a WhatsApp kuma ana saye.

Maman Ilham: Anti Binta, ke ai mun san ki, har bikin ɗiyarki mun je. Nura kuwa ga matar nan baƙo ne, sau ɗaya suka yi ciniki.

Alhaji Lawal Daura: Yanzu na fahimci zancen. Amma Nura, ka shirya. In ka tambaya za a faɗa maka, kuma wani ba don kayan sun lalace ba, don ya ga ƙofa a buɗe ne. Zai bar fanka a rana yara su ja ta a ƙasa, ya ce kai ka ce za ka canza. Sittin ɗin nan in goma suka dawo da kaya, ribarka ta tafi.

Malam Aminu: Wannan gargaɗi ne na gaske, ranka ya daɗe. Shi ya sa a saƙon ban rubuta "in akwai wata matsala za mu gyara" ba. Na ambaci batir, na ambaci awa biyar, na ambaci wata shida, iyakar abin da ya riga ya yi alkawari ranar ciniki. Bai ƙara wa kanshi nauyi ba. Amma in ya san ba zai iya amsa ƙorafi cikin kwana ɗaya ba, ko ba ya da batir a ajiye, to gara kada ya tura. Tambayar da aka amsa da kuka sannan aka yi shiru ta fi rashin tambaya muni.

Nura Sola: Batir ina da su. To in ba ta amsa ba fa? In sake turawa?

Sadiq: Sau uku ake yi, Yaya. Na farko, sai tunatarwa bayan kwana uku, sai na ƙarshe bayan mako.

Malam Aminu: Ni ban yarda da wannan ba ga fanka. Ta gani, ba ta da abin cewa, shi ke nan, lambarka tana hannunta. Na biyu ya fara zama naci, na uku shi ke sa yatsa ya tafi kan `Report spam`. Inda zan sake turawa shi ne babban aiki, kamar an haɗa wa gida inbata da batura na miliyoyi. Nan ma ba tunatarwa ba ce, sabuwar tambaya ce a sabon lokaci, misali in hazo ya sauka ka tambaya ko an lura caji ya ragu, ka ce a goge ƙurar faranti.

Maman Ilham: Ni kuma ina tsakiya. Sau da yawa nakan ga saƙo ina cikin girki in ce zan amsa, in manta. Tunatarwa ɗaya bayan mako ba za ta ɓata mani rai ba in gajeruwa ce.

Malam Aminu: To ku biyu ne a kaina. Nura ya gwada da tunatarwa ɗaya ga rabinsu, ya bar rabi, ya ga wa ke amsawa.

Sadiq: Saura abu ɗaya. Waɗanda suka ce sun ji daɗi, ya tura masu linkin shagonshi na Google Maps su ba shi tauraro biyar, ya ce duk wanda ya yi zai samu katin waya.

Malam Aminu: Biyun duka ƙa'idar Google ta hana: ba da kyauta don a rubuta sharhi, da kuma zaɓar masu yabo kaɗai a roƙe su a bar masu ƙorafi. Suna iya goge sharhin in sun gano. In zai nema, ya nema ga kowa, har wanda aka canza wa batir, bayan an gama da matsalarshi, ba tare da tukuici ba.

Hajiya Binta: Haba Malam, wa zai je ya roƙi wanda ya yi fushi da shi ya rubuta a bainar jama'a? Wannan kam ba zan yi ba, ko Google ta ce.

Malam Aminu: To kar ki roƙi kowa, Hajiya, shi ma hanya ce.

Nura Sola: Salam jama'a, na dawo da labari. Na tura wa mutum bakwai na makonni biyun nan, kowa nashi daban, ta kan saƙon rasit. Huɗu sun amsa. Malamar Daura ta ce biyu suna kaiwa daga safe har azahar, ɗaya kuma ko awa biyu ba ta yi. Ta ce ta yi niyyar ta bar maganar. Na sa mata batir a motar safe, akwai mai gyara kusa da su da zai ɗaura. Wani kuma bai ce komai a kan fankar ba, sai ya ce direban da na ba saƙo ya karɓi ƙarin kuɗi a hannunshi bayan na riga na biya.

Tambayata yanzu ita ce tsofaffin, sama da hamsin ɗin da suka samu wancan saƙon mai hoto. Wasu sun saya tun bara. In bi su da irin wannan?

Malam Aminu: Ka buɗe littafi ka ware waɗanda garantinsu bai ƙare ba, su kaɗai. Ka canza layin farko, ka ce saura wata kaza garantin batir ya ƙare, shi ya sa kake tambaya tun da sauran lokaci. Biyar ko shida a rana, kar ka zuba su lokaci guda, kuma ba sai ka ambaci wancan saƙon ba. Na bara ka bar su, ba ka da tambayar da za ka yi masu wadda ba talla ba. Mutumin da direba ya caza kuwa ka mayar mashi da kuɗinshi yau, sannan daga yanzu ka riƙa rubuta "an biya kuɗin mota" a jikin rasit da jikin kwali.

Alhaji Lawal Daura: Direban na layin Daura ne? In namu ne turo mini lambar motar ta gefe, na san shugabansu.

Nura Sola: A'a ranka ya daɗe, na Funtua ne. Zan leƙa tashar da kaina bayan la'asar.